Minti Talatin da Biyar a Mako

Wasiƙar shafi biyu ce, da hannu aka rubuta ta kafin a kai wa mai buga takardu na bakin titi. Shugaban wata makarantar Islamiyya ta yamma a cikin birnin Kano ne ya rubuta wa kwamitin amintattun makarantar, wato dattawa bakwai da suka haɗa da limamin unguwa, da ɗan marigayin da ya ba da filin wakafi, da wani tsohon ma'aikacin gwamnati, da wakiliyar iyaye mata. Na karanta ta a ofishinsa, ɗan ɗaki mai kabad ɗaya cike da rajista da kwalayen alli. Abin da yake nema a ciki shi ne a ba shi izinin koyar da ɗaliban manyan azuzuwa ilmin zama ɗan ƙasa: yadda aka tsara mulki, da haƙƙin mutum a gaban hukuma, da abin da ƙasa take binsa.

Ba da dogon wa'azi ya buɗe ba. Bayan sallama da addu'a sai ya kawo labarin wata ɗaliba 'yar aji shida wadda ta ɓace daga makaranta kwana tara. Da ta dawo aka tambaye ta, sai ta ce yayanta ake nema kan wani bashi, ba a same shi ba, aka tafi da mahaifinsu a madadinsa, ita kuma take kai abinci. Gidan duk sun ɗauka haka doka take. Yarinyar nan ta haddace izu ashirin, tana iya lissafa farillan alwala da sunnoninta ba gargada, amma ba wanda ya taɓa gaya mata cewa dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wanda ake zargi. Ba ta kuma san cewa sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Malam ya ce wannan jahilci ne da makarantarsa take da ikon ragewa, kuma kunya ta kama shi.

Daga nan sai ya shiga lissafi, kuma a ganina nan ne ƙarfin wasiƙar yake. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin makaranta ya san ba a cika faɗa a kan ko ilmi yana da kyau ba. A kan lokaci ake yi. Makarantar tana zama daga Asabar zuwa Laraba, daga ƙarfe huɗu bayan La'asar zuwa shida. In an cire taron safu da kiran suna da shigowar masu latti, abin da ya rage darasi uku ne na minti 35 kowace rana, wato darasi 15 a mako. Biyar na Alƙur'ani ne, hadda da tajwidi. Uku na fiƙihu, inda ake tashi daga Ahalari zuwa Ishmawi zuwa Iziyya, manya su taɓa Risala. Uku na Larabci, biyu na hadisi, ɗaya tauhidi, ɗaya tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Babu rami ko ɗaya. Duk abin da za a shigar, sai an fitar da wani.

Malam bai taɓa Alƙur'ani ba, don ya san a nan wasiƙar za ta mutu. Ya nemi darasi ɗaya daga cikin ukun Larabci, wanda ake yi ranar Laraba, kuma a aji biyar da shida kawai. Ya buga lissafin: minti 35 sau mako 36 na karatu ya ba da awa 21 a shekara. Ya rubuta wa dattawan ƙarara cewa wannan rashi ne ga Larabci, yaran za su rage yawan rubutun insha'i, kuma ba ya so a ce ya ɓoye. Na yaba masa da wannan. Masu kawo sabon tsari sun saba nuna riba su danne asara, sai asarar ta bayyana daga baya ta cinye musu amana.

Awa 21 ba ta ɗaukar kaya da yawa, shi ya sa ya zaɓi abubuwa kaɗan. Zangon farko: wane ne ke da alhakin me. Yaro ya san cewa akwai matakai uku na gwamnati, ya san ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar, 44 a Kano, kuma kundin tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara. Ya bambance kansila da ɗan majalisar jiha da ɗan majalisar wakilai, don ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in kwata ta toshe. Zango na biyu: mutum a gaban hukuma, wato kamu da beli da kotuna. A nan ne fiƙihun da yaran suka sani yake haɗuwa da ƙasar da suke takawa. Sun karanta rabon gado a littafi, to su san cewa shari'ar gado da aure da wasiyya da wakafi da riƙon maraya tana da hanya daga kotun shari'a har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, kuma ba nan ta tsaya ba, ana iya wucewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya. Zango na uku: abin da ake bin ɗan ƙasa, da zaɓe, da zama da maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba.

Ranar da aka karanta wasiƙar, tsohon ma'aikacin nan ne ya fara magana, kuma tambayarsa mai ma'ana ce. Ya ce, Allah gafarta Malam, ai yaran nan da safe suna makarantar boko, kuma darasin nan yana cikin manhajar gwamnati, har jarrabawar WAEC da NECO ana yin sa, me ya sa za mu maimaita? Malam ya riga ya amsa wannan a shafi na biyu. Ya bi rajistar aji biyar da shida ya ga cewa kusan ɗaya cikin uku ba sa zuwa boko, ko sun daina bayan firamare, yawancinsu mata. Waɗanda suke zuwa kuwa da Turanci ake ba su, su kwafe jerin haƙƙoƙi daga allo su haddace kamar karatun aku. Ya gwada su. Wani yaro ya zubo masa jerin da Turanci tiryan-tiryan, da aka ce ya faɗi ma'anar ɗaya da Hausa sai ya sunkuyar da kai.

Tambayar liman ta fi nauyi, kuma ba ta son zuciya ba ce. Kundin tsarin mulkin nan ya ce iko na jama'a ne, ya kuma hana gwamnati ta ɗauki wani addini a matsayin addinin ƙasa. Yaya za a koyar da wannan ranar Laraba ga yaron da aka karanta wa tauhidi ranar Talata? Mutanen unguwar ba su manta da hayaniyar da aka yi a 2017 ba, lokacin da Musulmi da Kirista duka suka koka kan cusa darussan addini cikin kwando ɗaya da ilmin zama ɗan ƙasa a manhajar gwamnati, har aka koma aka raba su. Malam ya ce shi ba haɗawa yake nema ba, jerawa yake nema. Darasin tauhidi yana nan yadda yake. Darasin Laraba bayani ne na dokar da ake aiki da ita a ƙasa, kamar yadda fatake suke koyon dokar garin da za su sauka, kuma shi kundin nan ne a sashe na 38 ya kare wa al'umma haƙƙin koyar da addininta a makarantar da take ɗauke da nauyinta. Ya tuna musu cewa sanin sha'anin mulki ba baƙo ba ne a zauren malamai: Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafi kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, kuma a Kano Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam. Liman ya yi shiru, sannan ya ce to, amma a nuna masa takardun darasin kafin a shiga da su aji. Sharaɗi ne mai kyau, ko da yake ni ina ganin misalin fatake ya ɗan gaza, don yaran nan ba baƙi ba ne, ƙasarsu ce.

Inda wasiƙar ta yi rauni shi ne batun malami. Ta ce kawai za a nemo wanda ya dace. Wa ya dace? Mai takardar NCE a fannin zamantakewa yakan zo da littafin Turanci, in yaro ya tambaye shi hukuncin rantsuwa a kotu sai ya daburce, kuma daga ranar ajin ya raina shi. Malamin fiƙihu kuwa yara suna ganin girmansa, amma sau da yawa bai taɓa buɗe kundin tsarin mulki ba, sai darasin ya koma nasiha kan biyayya ga shugabanni, wadda dama suna ji a huɗuba. Wakiliyar iyaye mata ce ta warware wannan. Ta ce akwai tsohuwar ɗalibar makarantar da ta karanta shari'a a jami'a, ɓangaren da ake haɗa dokar ƙasa da shari'ar Musulunci, kuma gidansu yana bayan masallaci. Aka amince a ba ta kuɗin mota daga asusun makaranta ba tare da an ƙara wa iyaye ko kwabo a kuɗin wata ba.

Akwai alamomin da ake gane cewa irin wannan darasi ya fara mutuwa, kuma Malam ya san su. In walimar sauka ta matso, darasin da ba shi da maki a katin sakamako shi ake fara cinyewa don muraja'a, shi ya sa ya nace a ba shi gurbi a katin. In lokacin zaɓe ya zo, darasin yana iya zamewa ya koma tallar jam'iyya, don haka aka rubuta cewa ba a ambaton sunan ɗan takara ko jam'iyya a aji. Jarrabawar ma ba ta jero-mini-biyar ba ce. Tambaya ɗaya da na gani cewa take: an rasu an bar gida, baffa ya hana 'ya'ya mata rabonsu, sulhun dattawa ya gagara, ina za su nufa, kuma in hukunci bai yi musu ba, ina ne mataki na gaba?

Kwamitin ya ba da izinin gwaji na shekara ɗaya, da ƙuri'a biyar, mutum biyu suka ƙi. Ɗaya daga cikin biyun malamin Larabci ya je ya gani tun kafin zaman, kuma har yanzu yana cewa a mayar masa da Larabarsa. Malam ya yi masa alkawarin in an samu wutar sola a azuzuwa za a ƙara minti ashirin a lokacin zafi, sa'ad da Magariba take jinkiri. Kuɗin solar dai ba a tara ba tukuna.