Idan Ɓarawo Ya Shiga Imel: Alamomi da Aikin Sa'a ta Farko

Wanda ya kutsa cikin akwatin imel na wani ba kasafai yake sanar da zuwansa ba. Mafi yawa ya fi son ya zauna shiru yana karanta wasiƙu, saboda imel ɗin ne ke riƙe da sauran asusun mutum. Idan aka manta kalmar sirrin Facebook ko Instagram ko wata manhajar kuɗi, ta imel ake aiko da hanyar sanya sabuwa. Bayanin da ke tafe ya dogara ne a kan Gmail, tunda kusan duk mai wayar Android yana da shi, ko da bai taɓa aika wasiƙa ba.

Alamar da ta fi fitowa fili ita ce kalmar sirri ta daina aiki alhali mai ita bai canza ta ba. Amma kafin a kai nan akwai wasu. Google kan aiko da saƙo mai taken "Security alert" idan wata sabuwar na'ura ta shiga asusun, ko aka canza lambar waya ko imel ɗin da ake dawo da asusu da su. Wani lokaci lambobin tabbatarwa ne za su riƙa faɗowa a waya ba tare da an nema ba, wanda sau da yawa ke nufin wani ya riga ya san kalmar sirrin, mataki na biyu ne kaɗai ya tare shi. Wani lokaci kuma ɗan'uwa ne zai bugo waya yana tambayar kuɗin da aka roƙe shi ta imel.

Saƙon gargaɗin kansa ana yin jabunsa, kuma da shi ake kama mutane da yawa. Don haka ba a danna mahaɗin da ke cikinsa. A buɗe burauza a rubuta myaccount.google.com da hannu, a shiga sashen "Security & sign-in", a duba "Recent security activity" da "Your devices". A nan sunan na'ura ya fi sunan gari amfani. Mutum yana zaune a Kano ko Sakkwato, shafin ya nuna Legas, don kamfanonin waya kan bi da intanet ɗinsu ta can. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Amma mai Tecno guda ɗaya da ya ga kwamfutar Windows ko iPhone a jerin, to akwai baƙo a gidan.

Alamar da ta fi haɗari ita ce shiru, wato wasiƙun da ake jira su daina zuwa. A ɗauki misalin ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ke sayen yadi daga wani kamfani a Guangzhou. Ɓarawo ya sami kalmar sirrinsa, bai canza komai ba, sai ya kafa matata a cikin saitin Gmail: duk wasiƙar da ta zo daga kamfanin a tura masa kwafi, sannan a jefa ta asali cikin "Trash". Da takardar biyan kuɗi ta zo, sai ya canza lambar asusun banki da ke kanta, ya aiko ta daga wani adireshi da ya bambanta da na kamfanin da harafi ɗaya tak. Ɗan kasuwar yana shiga imel ɗinsa kullum lafiya lau, ba zai farga ba sai kamfanin ya ce kuɗi bai iso ba. Wannan ne ya sa canza kalmar sirri kaɗai bai isa ba, domin matatar tana nan tana aiki ko bayan an canza.

Idan har asusun yana buɗuwa, aikin farko shi ne canza kalmar sirri, kuma daga na'urar da aka amince da ita. Kwamfutar shagon intanet ba wurin yin wannan ba ce, don wataƙila daga can aka ɗauki ta farkon. Sabuwar ta zama doguwa, wadda ba a taɓa amfani da ita a wani wuri ba. Lambar waya da shekarar haihuwa da sunan ɗa su ne abin da ɓarawo ke fara gwadawa. Daga nan a koma "Your devices", a danna "Manage all devices", a yi "Sign out" ga duk na'urar da ba a sani ba.

Abu na gaba shi ne "Recovery phone" da "Recovery email". Idan ɓarawo ya sa nasa a nan, zai ce ya manta kalmar sirri, lambar ta je wayarsa, ya dawo cikin minti biyar. A wurin mutane da yawa ma tun asali lambar da ke nan ba tasu ba ce, ta mai shagon da ya buɗe musu imel ce ranar da suka sayi waya ko suka yi rajistar JAMB. A cire ta, a sa ta mai asusun. Sannan a kunna "2-Step Verification", a kwafe "Backup codes" a takarda. Lambobi 10 ne, kowace tana aiki sau ɗaya, kuma su ne mafita ranar da waya ta ɓata.

Sai a nemo ƙofofin bayan gida. Manhajar Gmail ta waya ba ta nuna su, dole sai an buɗe mail.google.com a kwamfuta, a shiga "See all settings". A ƙarƙashin "Forwarding and POP/IMAP" a cire duk adireshin da ake tura wa wasiƙu. A "Filters and Blocked Addresses" a karanta kowace matata, a goge wadda ba mai asusun ne ya kafa ta ba. A "Accounts and Import" a duba "Grant access to your account", ko an ba wani izinin karanta wasiƙu. Kafin a goge, yana da kyau a ɗauki hoton allon, don adireshin da ke wurin hujja ce idan magana ta kai banki ko 'yan sanda.

Idan kuwa an riga an kulle mai asusun a waje, hanya ɗaya ce, wato g.co/recover. A yi ta da wayar da aka saba shiga da ita, a wurin da aka saba, a rubuta kalmar sirri ta ƙarshe da aka tuna. Gaggawa tana da amfani a nan, saboda bayan an canza lambar dawo da asusu, Google na iya ci gaba da aika lambar tabbatarwa zuwa tsohuwar har kwana 7. Masu tallar cewa za su dawo da asusu idan aka biya su ba su da wata hanya ta daban, kuma da yawansu 'yan damfara ne. Idan layin waya ma ya ɗauke a daidai lokacin, mai yiwuwa an sauya katin layin ne, sai a fara da kiran banki a rufe asusu, sannan a garzaya ofishin kamfanin waya.

Sauran sa'ar na auna ɓarna ne. A duba "Sent" da "Trash", inda wasiƙar da aka goge ke zama kwana 30 sai dai in ɓarawon ya share ta gaba ɗaya. A nemi saƙonnin canza kalmar sirri daga wasu shafuka, domin su ne ke nuna inda ya bi. A canza kalmar sirrin waɗannan, a fara da na kuɗi, tare da duk wurin da aka yi amfani da tsohuwar kalmar. Idan akwai hoton katin banki a cikin wasiƙu, a sa banki ya toshe katin. 'Yan'uwa da abokan ciniki kuma a sanar da su ta kiran waya ko WhatsApp cewa kada su tura kuɗi zuwa wata sabuwar lambar asusu sai sun ji muryar mai imel ɗin.