Wasiƙar neman izini idan yaro zai je Sallah gida

Masu sauraro, wannan tambaya ta sha zuwa mana: yaro na karatu a hannun kawunsa a Illela, iyaye suna ruga can gaba da Birnin Konni, ga Babbar Sallah ta matso. Yaya mariƙi zai rubuta wa makaranta?

To, ku fara da lissafin kwana. Hutun da gwamnatin Najeriya ta saba bayarwa kwana biyu ne. Amma mai zuwa ruga yana buƙatar ranar tafiya, ranar Idi, washegari da ake rabon nama a Nijar, sannan ranar dawowa. Kwanakin da suka haura hutun, su ake nema wa izini. In ba a nema ba, malami zai rubuta fashi ne a rajista, in kuma an yi gwaji a ranar, makin ya wuce yaron.

Kada ka rubuta "sai bayan Sallah". Wannan ba rana ba ce. Hedimasta da kalandar boko yake aiki. Da zarar an ga watan Zulhajji an san Idi ranar 10 ne, saboda haka kana da kusan kwana tara na kai takarda. Sai dai ka ƙara kwana ɗaya na rara, don akan samu shekarar da Nijar da Najeriya suke saɓawa a ganin wata.

A ce Idi ya faɗo Laraba, hutu Laraba da Alhamis. Ga yadda za ta kasance:

"Zuwa ga Shugaban Makaranta. Assalamu alaikum. Ni ne wane, kawun wane ɗan aji 5, kuma a hannuna yake zaune. Ina neman a ba shi izinin ranar Talata da ranar Juma'a, domin zai je Babbar Sallah wurin iyayensa a jihar Tawa. Ni zan kai shi, ni zan dawo da shi. Zai shiga aji ranar Litinin, in sha Allahu. In akwai gwaji a waɗannan ranaku, ina roƙon a sanar da ni."

Kowace rana a sa mata kwanan watanta, a ƙasa kuma lambar waya da sa hannu ko dangwale. Wanda bai iya rubutu ba ya sa a rubuta masa, amma a karanta masa kafin ya dangwala. In lakwal ce ta Nijar, a nemi mai Faransanci ya rubuta wa darakta.

Jimlar "a hannuna yake zaune" kada a bar ta, musamman in sunan uba ne a rajista. Kuma ka kai takardar da kanka, kwafi biyu, a sa hannu a ɗaya ka riƙe. Amma fa wannan ta makaranta ce kawai. A bakin iyaka ana iya tambayar ka shaidar haihuwar yaron da yardar iyayensa, sai ka tanade su daban.