Bashin da Ya Mutu: Yaushe Hukumar Haraji Ke Yarda a Cire Shi Daga Riba?

A kasuwar Singa ko Kantin Kwari da ke Kano, rabin ciniki a kan amana yake tafiya. Dila ya ba ɗan sari kaya, ɗan sari ya ba mai shago, kowa na jiran ranar da na ƙasa da shi zai kawo kuɗi. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Sai dai a kowane littafin bashi akwai sunayen da mai littafin ya san kuɗinsu ba za su dawo ba. Abin da 'yan kasuwa da yawa ba su lura da shi ba shi ne, idan suna rubuta ciniki yadda akanta ke rubutawa, to sun riga sun biya haraji a kan waɗannan kuɗin da ba su taɓa shiga hannunsu ba.

A lissafin kamfani ana ƙirga ciniki ne ranar da kaya suka fita aka yanka takarda, ba ranar da kuɗi suka shigo ba. Wanda ya fitar da shinkafar naira miliyan 6 bashi a watan Nuwamba, wannan miliyan 6 ta shiga cinikin shekarar, ribar da ke cikinta kuma hukuma ta ɗauki rabonta. Idan mai sayen ya ɓace, an caji ɗan kasuwa a kan ribar da babu ita. Don gyara wannan ne dokar haraji ta ba da damar cire mataccen bashi daga riba.

A Najeriya, wannan dama ta daɗe tana cikin sashe na 24 na Dokar Harajin Kamfanoni, da kuma sashe na 20 na Dokar Harajin Kuɗin Shiga na ɗaiɗaikun mutane, wadda ta shafi mai kasuwanci da sunan kansa. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ta haɗe tsofaffin dokokin wuri guda, hukumar FIRS kuma ta koma NRS, amma damar cire mataccen bashi tana nan. Kamfani mai rajista da hukumar tarayya yake hulɗa. Mai shago da sunan kansa kuwa ta jiharsa yake bi, kamar KIRS a Kano.

Sharuɗɗan ba su da yawa, cika su ne aiki. Dole bashin ya fito daga cikin kasuwancin kansa, kuma ya zama an taɓa ƙirga shi cikin kuɗin shiga, ko kuma ya kasance kuɗin da aka bayar tun gaba a harkar yau da kullum, kamar kafin alƙalamin da aka ba mai kawo kaya. Sannan a nuna da hujja cewa ya mutu, kuma a cikin shekarar da ake neman cirewar ya mutu, ko da an ci shi shekaru kafin nan. Gamsuwar da doka ke nema ta hukuma ce, ba ta mai bin bashi ba.

Misali zai fi fito da abin fili. A ɗauka akwai wani kamfanin dillancin kayan masarufi a Singa wanda ribarsa ta shekara ta kai naira miliyan 40 kafin a taɓa maganar bashi. Ya wuce sahun ƙananan kamfanonin da aka yafe wa haraji, saboda haka yana biyan kashi 30 cikin ɗari, wato miliyan 12. Akantansa ya kawo abubuwa huɗu da yake so a cire.

Na farko miliyan 6 ne, kuɗin shinkafa da man girki da wani kamfanin kantuna ya karɓa. Kamfanin ya karye, kotu ta ba da umarnin rufe shi, an naɗa mai sayar da kadarorinsa. Shi kuma ya rubuto cewa bayan an sallami bankin da ke riƙe da jingina da haƙƙin ma'aikata, ba a sa ran wani abu zai rage wa masu kawo kaya. Wannan bashi ya cika kowane sharaɗi. Akwai takardar ciniki, akwai sa hannun wanda ya karɓi kaya, akwai wasiƙun tuni, akwai wasiƙar lauya, ga kuma takardar mai raba kadarori. Jami'in haraji ba shi da inda zai kama.

Na biyu miliyan 3 ne da maigidan ya ranta wa surukinsa daga asusun kamfani don ya ƙarasa ginin gida. Surukin bai biya ba, kuma kowa ya san ba zai biya ba. Kuɗin sun tafi, amma ba za a cire su ba, domin kamfanin shinkafa yake sayarwa, ba rance yake bayarwa ba, kuma ba a taɓa ƙirga miliyan 3 ɗin nan cikin ciniki ba. Da banki ne mai rancen, da maganar ta sha bamban, tunda shi rance ne hajarsa. A kasuwanninmu, inda aljihun Alhaji da asusun shago kan zama abu ɗaya, wannan ne ramin da aka fi faɗawa.

Na uku miliyan 4 ne da wani ɗan kwangilar ciyar da makarantu ya riƙe wata goma sha huɗu. Yana nan da ransa, yana hawa motarsa, yana ɗaga waya, kullum maganarsa ita ce shi ma ba a biya shi ba. Taurin bashi ke nan, kuma daɗewa kaɗai ba ta kashe bashi a idon hukuma. Tambayar farko da jami'i zai yi ita ce, wane mataki aka ɗauka? Idan amsar ita ce kiran waya da aika yaro, za a mayar da kuɗin cikin riba. Kano tana da kotunan ƙananan ƙararraki da aka kafa don irin wannan bashin, kuma hukuncin kotu da aka je zartarwa aka tarar babu kadarar da za a kama hujja ce mai ƙarfi. Ba lallai kowane bashi ya je kotu ba. Bashin naira dubu 40 da kuɗin lauya zai ninka shi, ana iya nuna cewa bin sa asara ce kan asara. Amma miliyan 4 a hannun mai hali ba ya shiga wannan uzuri.

Na huɗu shi ne wanda akantoci suka fi so, hukuma kuma ta fi ƙi. Akantan ya duba sauran bashin da ke waje, miliyan 50, ya ce bisa abin da aka saba gani kashi 5 cikin ɗari kan nutse, saboda haka ya ware miliyan 2.5 a matsayin tanadi. A wajen lissafin kamfani hankali ya yi, ƙa'idojin akanta na zamani ma sun wajabta a yi hasashen asara tun kafin ta auku. Hukumar haraji kuwa suna take nema: wane ne, nawa ne, me ya same shi? Tanadin da aka yi a dunƙule ana mayar da shi cikin riba. Wanda aka yi a kan takamaiman mutum yana iya wucewa, ko da bashin bai mutu gaba ɗaya ba. Idan kwastoma ya rasu da bashin miliyan 2, magada suka tabbatar da cewa abin da ya bari ba zai biya fiye da rabi ba, ana iya neman cire miliyan 1 da ake shakka a kai, a bar ɗayan a littafi.

Akantan ya nemi cire miliyan 15.5, miliyan 6 aka yarda. Ribar da za a caja ta sauko zuwa miliyan 34, haraji ya koma miliyan 10.2 maimakon 12. Sauƙin da aka samu miliyan 1.8 ne. Masu ganin kamar gwamnati ce za ta biya musu bashin su duba lissafin da kyau: daga cikin miliyan 6, kamfanin ne ya haɗiye miliyan 4.2. Ƙaramin kamfanin da harajinsa sifili ne kuwa ba ya samun ko kwabo daga cirewar, sai dai tsabtar littafi.

Akwai kuma wanda ba shi da abin cirewa tun farko. Mai shagon da ke rubuta ciniki sai ranar da kuɗi suka shigo bai taɓa sanya bashin cikin kuɗin shigarsa ba. Kuɗin da ya sayo kayan da su sun riga sun fita a lissafin sari. Idan ya sake cire bashin, ya cire abu ɗaya sau biyu.

Share bashi daga littafi bai yafe wa wanda ya ci shi ba. Aiki ne na cikin gida: a rage adadin daga jerin waɗanda ake bi, a rubuta shi cikin asarar shekara, shugabannin kamfani su amince a rubuce. Haƙƙin bin kuɗin yana nan, har sai wa'adin shigar da ƙara ya wuce, wanda a Legas shekara 6 ne ga bashin ciniki, kowace jiha kuma da dokarta. Yafiya ta daban ce. Wanda ya ce wa abokin cinikinsa mai hali "na bar maka, saboda zumunci" ya yi kyauta, ladarsa na wajen Allah, amma kyauta ba ta rage haraji. Haka nan bashin da ke tsakanin kamfanoni biyu na mutum ɗaya, jami'ai da ido biyu suke kallonsa, don hanya ce mai sauƙi ta kwashe riba daga inda za a caje ta.

Wani lokaci mataccen bashi kan farfaɗo. A ce bayan shekara biyu mai raba kadarorin nan ya sayar da wani fili da ba a sa a lissafi ba, ya turo wa kamfanin Singa naira miliyan 1.5. Doka ta ɗauki wannan kuɗi a matsayin ribar shekarar da ya shigo, kashi 30 ɗinsa kuma, naira dubu 450, na hukuma ne. Ba a komawa a gyara tsohuwar shekara. Masu ɓoye irin wannan kuɗi kan manta cewa ta banki ya shigo, kuma takardar banki ce abu na farko da mai bincike ke buɗewa. Malaman Malikiyya sun daɗe da irin wannan bambanci a babin zakka, tsakanin bashin da ake sa ran karɓa da wanda aka fid da rai, saboda haka tunanin ba baƙo ba ne a wajen ɗan kasuwar Kano.

Inda aka fi shan kaye shi ne takarda. Hukuma na iya dawowa bincike shekaru bayan an miƙa lissafi, shi ya sa ake ajiye bayanai aƙalla shekara 6. A lokacin yaron shagon da ya kai kayan ya bar aiki, saƙonnin waya sun goge, abin da ya rage sai suna da adadi a littafi. Fayil ɗin kowane babban bashi yana bukatar takardar ciniki, shaidar karɓar kaya, kwanan watan kowane tuni, cek ɗin da banki ya dawo da shi idan akwai, da abin da ya nuna ƙarshen lamarin, ko takardar mutuwa, ko hukuncin kotu, ko wasiƙar mai raba kadarori.

Idan duk da haka hukuma ta ƙi, ta aiko da ƙarin haraji, mai kamfani yana da kwana 30 ya rubuta ƙorafi, ya faɗi dalilansa. In ba a daidaita ba, sai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda reshenta na Arewa maso Yamma ke zama a Kaduna. Wanda ya bar kwana 30 ɗin suka wuce bai ce komai ba, adadin da hukuma ta rubuta ya zauna a kansa.