Kwanaki Ake Biya, Ba Shafuka Ba

Furodusan da ya riƙe labari mai shafi 20 yakan ɗauka cewa aikinsa ƙarami ne, tunda shafi ɗaya a al'ada minti ɗaya ne a fim. Amma kuɗin haya da na ma'aikata da na abinci duk da kwana ake lissafa su, kuma ba a sanin yawan kwanakin sai an feɗe labarin fitowa-fitowa. A kowace fitowa ana rubuta inda za a ɗauke ta, da rana ce ko da dare, su wa ke ciki, da suturar da kayan da ake buƙata.

Mu ɗauka labarin na da lokeshan uku a Kano: shafi 12 a tsakar gida, 5 a shago, 3 a wurin biki da daddare. Tsakar gida hira ce tsakanin mutum biyu ko uku, don haka ƙaramar tawaga na iya cin shafi 6 a yini, kwana biyu ke nan. Shago kwana ɗaya. Bikin ne mai cin rai, ko da yake shi ne mafi gajarta a takarda. Marubuci ya rubuta layi guda cewa an taru ana shagali, amma wannan layin na nufin mutum 30 na cike wuri, da fitilu, da janareta da mansa, da doguwar wayar da za ta nesanta ƙarar janaretan daga mai ɗaukar sauti. Shi kaɗai sai ya lashe dare guda. Aikin ya zama na kwana huɗu.

Daga nan ake fitar da ma'aikata. Mutum takwas sun isa a gida da shago: darakta, mai kyamara da mataimakinsa, mai sauti, mai fitila, mai kwantiniti, mai kwalliya da sutura, sai mai kula da lokeshan da abinci. A daren biki kaɗai za a ƙaro biyu, ɗaya ga fitilu, ɗaya ga tsara jama'a. Ɗaukar su tun ranar farko asara ce.

Abinci ma a nan yake fitowa fili. Ma'aikata 8 da 'yan wasa 4 na kwana uku kwano 36 ne, daren biki kuma 44. Kwano 80 ke nan idan sau ɗaya ake ci, fiye da rabi a dare ɗaya.

Ni a ganina yinin farko ne ke tona lissafi. Idan an tsara shafi 6 aka tashi da 3, to kwana huɗun nan sun doshi shida ko bakwai, kuma kashi 10 cikin 100 da ake warewa don ko-ta-kwana ba zai cike giɓin ba. A daren nan ya kamata furodusa da darakta su zauna su rage fitowa ko su mayar da bikin da rana, kafin a taɓa kuɗin da aka ajiye wa mai tace hoto.