Yadda Mazubin Siminti Ke Auna Nauyinsa

A ma'aikatar hada kankare, mazubin siminti yakan zauna a kan wasu karafa uku masu jin nauyi, wadanda injiniyoyi ke kira lodsel. Idan kaya ya danne karfen sai ya dan lankwasa, siririyar wayar da aka manna masa ta sauya karfin lantarkin da ke fita. Sauyin kankane ne: lodsel mai 2 mV/V da aka ba volt 10 yana fitar da milivolt 20 kacal a cikakken lodi.

Shi ya sa ake saita ma'aunin. Ma'aikaci yakan kwashe mazubin tas ya sa sifili, sannan ya dora duwatsun awo na kilo 20 guda 25, ya shaida wa na'urar cewa wannan kilo 500 ne. Idan ya matsar da su wata kusurwa lambar ta canza, to akwai bututu ko busasshen siminti da ke tokare mazubin.

Girgiza kuma ita ce babbar matsala. Injin cakudawa na kadawa, lambobi suna rawa. Na'urar takan tace su ta hanyar daukar matsakaicin awo da yawa, amma tacewa mai yawa tana jawo jinkiri: idan siminti na zuba kilo 20 a dakika, jinkirin rabin dakika ya kara kilo 10.

Maganinsa shi ne a raba kafafun mazubin da na injin, a sa bututun roba mai laushi, a rage gudun zubi dab da karshe, a kuma rufe kofar kafin a kai 500 domin simintin da ke cikin iska ya cike ragowar.