Wabhuk: yadda shafin sayar da data ke sanin kuɗi sun shigo ba tare da ya yi ta tambaya ba

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa gyara kasuwar Farm Centre a Kano ya san hanya biyu ce ake sanin ko an gama. Ko dai mutum ya riƙa zarya yana leƙa shagon, "Malam, an gama?", a ce masa tukuna, ya koma ya sake dawowa. Ko kuma ya bar wa mai gyaran wata lamba, ya tafi harkokinsa, da zarar an ɗaure murfin wayar a kira shi.

Manhajoji ma haka suke yi a tsakaninsu. Hanyar farko, wato tambayar kai-da-kai, masu haɗa manhaja na ce mata folin. Ta biyun kuwa ita ce wabhuk, sunan da wani mai rubuta manhaja, Jeff Lindsay, ya raɗa mata a 2007. Wabhuk ba wata na'ura ba ce. Adireshi ne kawai a kan sabar mutum, wanda yake bai wa wani kamfani ya ce: duk lokacin da aikin nan ya sauya matsayi, ku aiko mini da saƙo nan.

Inda bambancin ya fi fitowa fili shi ne wajen biyan kuɗi. A ɗauki misalin wani matashi da ya buɗe shafin sayar da data, yana karɓar kuɗi ta Paystack. Mai saye ya zaɓi data ta naira 1,500, ya ce zai biya ta hanyar turawa daga bankinsa. Daga wannan lokacin cinikin yana matsayin jira. Ba wanda ya san ko daƙiƙa ashirin zai ɗauka ko minti goma, domin sai mai sayen ya fita daga shafin, ya buɗe manhajar banki, ya sa lambar sirri, ga kuma sabis da yake yi yana ɗaukewa. Abin da mai shafin yake buƙata ɗaya ne: ya san lokacin da cinikin ya tashi daga jira ya koma an biya, don a tura data nan take.

Idan tambayar kai-da-kai ya zaɓa, sabarsa za ta riƙa tuntuɓar wannan adireshin da lambar cinikin:

```
GET https://api.paystack.co/transaction/verify/DT-1042
```

A ce duk bayan daƙiƙa 5 take tambaya, wato sau 12 a minti guda. Idan mai sayen ya ɗauki minti 4 kafin kuɗinsa su shiga, an yi tambaya 48 ke nan, 47 daga ciki amsarsu "tukuna". Masu saye 200 a rana a kan wannan lissafin sun zama tambaya 9,600, don a samu labari 200 kacal. Wannan ma ba a sa waɗanda suka fasa saye suka rufe shafin ba, waɗanda sabar za ta ci gaba da tambaya a kansu har sai an ce mata ta daina. Idan kuma aka ce bari a rage wahala, a mayar da tambayar duk minti ɗaya, to mai saye zai riƙa jiran kusan daƙiƙa 30 a matsakaici bayan kuɗinsa sun riga sun shiga, wani lokacin ma minti cur. Ga wanda datarsa ta ƙare yana tsakiyar hira, wannan ya isa ya fara turo hoton rasit yana cewa an cinye masa kuɗi. Gaba kura baya sayaki ke nan: a matse tazarar a yi asarar aiki, a saki tazarar a yi jinkiri.

Da wabhuk, mai shafin zai buɗe wata ƙofa a sabarsa, ya kwafi adireshinta, ya shiga `Settings` a allon Paystack, sashen `API Keys & Webhooks`, ya liƙa shi a can. Shi ke nan. Sabarsa ba za ta sake tambayar komai ba. Da kuɗin mai saye sun tabbata, Paystack ce za ta aiko da saƙo ta hanyar `POST`, wanda idan aka taƙaita shi yake kama da wannan:

```json
{
  "event": "charge.success",
  "data": {
    "reference": "DT-1042",
    "amount": 150000,
    "currency": "NGN",
    "status": "success"
  }
}
```

A lura da `amount`. Ba naira dubu ɗari da hamsin ba ce, a kwabo ake rubuta ta, don haka 150000 ita ce naira 1,500. Sababbin shiga da yawa nan suke fara tuntuɓe.

To amma wanda ya buɗe ƙofa ya bar ta a buɗe, ba baƙon kirki kaɗai ne zai shigo ba. Adireshin wabhuk a fili yake a intanet, kuma duk wanda ya gano shi zai iya rubuta saƙo irin na sama da hannunsa ya aika, ya ce an biya. Wannan shi ne alat na bogi a sabon salo, sai dai a nan babu mutum zaune da zai duba asusu, manhaja ce za ta tura data ita kaɗai ko da tsakar dare ne.

Maganin wannan shi ne hatimi. Kowane saƙon Paystack yana zuwa da wani dogon jerin haruffa da lambobi a ƙarƙashin sunan `x-paystack-signature`. Ana samar da shi ne ta hanyar cakuɗa abin da ke cikin saƙon da mabuɗin sirri na mai shafin, da lissafin da ake kira `HMAC SHA512`. Mabuɗin nan ɓangare biyu ne kawai suka san shi, Paystack da mai shafin. Saboda haka idan saƙo ya iso, sabar za ta maimaita lissafin da nata mabuɗin ta kwatanta:

```js
const hash = crypto
  .createHmac('sha512', secretKey)
  .update(rawBody)
  .digest('hex');

if (hash !== req.headers['x-paystack-signature']) {
  return res.sendStatus(401);
}
```

Idan suka dace, saƙon na gaske ne kuma ba a taɓa shi a hanya ba. Ko harafi ɗaya aka sauya a ciki, sakamakon zai bambanta gaba ɗaya. Shi ya sa ya fi kyau a yi lissafin a kan saƙon yadda ya iso, kafin manhaja ta warware shi ta sake jera shi. Idan kuwa aka ga kowane saƙo yana faɗuwa a wannan gwajin, har da na gaskiya, abin da ya kamata a fara dubawa shi ne mabuɗin: Paystack tana da na gwaji mai farawa da `sk_test_` da na ainihin ciniki mai farawa da `sk_live_`, kuma sau da yawa an sa wannan ne a wurin wancan.

Hatimi ya dace ba ya nufin a saki kaya. Sai an ɗauki `reference` an nemo cinikin a rumbun bayanan shafin, an tabbatar kuɗin da aka biya sun yi daidai da farashin abin da aka saya.

Matsala ta biyu ta fi ta farko wuyar ganewa, domin ba ɓarawo a cikinta. Paystack tana jiran sabar mai shafin ta amsa da lambar `200`, wato saƙo ya iso. Idan ba ta samu wannan amsar ba, sai ta ɗauka saƙon bai je ba, ta sake aikowa: duk bayan minti 3 a karo huɗu na farko, daga nan duk awa ɗaya, har tsawon awa 72. Wannan abu ne mai kyau, don ko sabar ta faɗi da daddare ba a rasa labarin ba.

Ga yadda yake zama asara. Saƙon `DT-1042` ya iso. Manhajar matashin, maimakon ta amsa da wuri, sai ta tsaya tana tuntuɓar dillalin da ke ba shi data. Ran nan dillalin yana jan ƙafa. Data dai ta tafi, amma kafin manhajar ta waiwayo ta ce `200`, Paystack ta gaji da jira ta katse. Bayan minti 3 saƙon ya sake zuwa, da hatiminsa na gaskiya, da kuɗinsa daidai. Manhajar ta sake tura data. Idan jan ƙafar ya ci gaba, za ta yi ta uku da ta huɗu. Mai saye ya biya 1,500, ya samu ta 6,000, kuma da wuya ya kira ya yi ƙorafi. Alamar da ake gane wannan ita ce kuɗin da ke asusun dillali suna ƙarewa fiye da cinikin da aka yi, sannan idan aka duba tarihin aikin sabar za a ga lambar ciniki ɗaya ta bayyana sau da yawa, da tazarar kusan minti uku-uku a tsakani.

Gyaran kashi biyu ne. Na farko, a sauya jerin aikin: a duba hatimi, a rubuta saƙon a rumbun bayanai, a amsa `200`, sannan a je ga tura data a bayan fage. Rubutawar ce ke fara zuwa, domin idan aka amsa sannan sabar ta faɗi kafin a adana, Paystack ta ɗauka ta sauke nauyi, ba za ta sake aikowa ba. Na biyu, a sa manhajar ta riƙa tuna abin da ta riga ta yi. Kafin ta saki kaya, ta duba matsayin cinikin. Idan yana jira, ta mayar da shi an biya ta ci gaba. Idan ya riga ya wuce nan, ta amsa `200` ta yi shiru. Dubawar da sauyawar kuma su kasance umarni guda a rumbun bayanai, don kada saƙo biyu su iso a tare kowanne ya tarar da cinikin yana jira.

Akwai abin da kan rikita mutane, wato `Callback URL`. Wannan shafin da ake mayar da mai saye ne bayan ya biya, kuma a burauzar wayarsa abin yake faruwa. Idan cajinsa ya ƙare ko ya rufe shafin, ba zai taɓa isa can ba. Wabhuk kuwa tsakanin saba da saba ne, babu ruwansa da wayar mai saye. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a aika wabhuk kai tsaye zuwa waya, ko zuwa kwamfutar da ke kan `localhost`: ba su da tsayayyen adireshin da za a same su daga waje. Masu gwaji a gida kan yi amfani da manhaja irin `ngrok`, wadda ke ba kwamfutar adireshin wucin gadi.

Duk da haka, tambayar kai-da-kai ba ta mutu ba. Raunin wabhuk shi ne shirunsa ba ya bayani: idan saƙo bai zo ba, ko dai ba a biya ba ne, ko an biya saƙon ne ya maƙale. Idan sabar ta yi rabin awa a kwance, sake aikowa na minti uku-uku ya riga ya wuce, sai dai jiran na awa-awa, kuma ba mai sayen datar da zai yarda da wannan. Don haka shafukan da suka san aikinsu sukan ajiye ɗan ƙaramin aiki da ke tashi kamar duk minti 5, ya zaƙulo cinikin da suka daɗe a matsayin jira kawai, ya tambayi adireshin `verify` a kansu. A cikin masu saye 200 ɗin nan, waɗanda za su faɗo wannan layin 'yan kaɗan ne, kuma dole su ma su bi ta wancan dubawar matsayi kafin a saki data, domin saƙon da ya maƙale yana nan tafe daga baya.