Kafin ka tura wa malamin ɗanka saƙo kan sakamako

Ƙarshen zangon karatu a Adogi, cikin ƙaramar hukumar Lafiya, uban da ke ci-rani a Abuja ko Legas yakan ga sakamakon ɗansa ne a waya, hoton takarda da Turanci. Ido kan faɗa kan abu guda: na nawa ya zo? Daga nan sai saƙon faɗa ya tafi wurin malami. A ganina, gurbin nan ya fi kowanne ƙarancin bayani.

Fara da hoton kansa. In an ɗauke shi a karkace, layuka kan zame, makin Turanci ya koma gaban Lissafi. A shimfiɗa takardar a ƙasa, a sake ɗauka daga sama, kan teburin ya fito.

Sannan a duba gurabe biyu, `CA` da `Exam`. Na farko makin gwaje-gwaje ne da aikin gida na tsawon zango, wanda makarantu da yawa ke ba wa 30 ko 40 cikin 100. Na biyu jarrabawar ƙarshe ce. A ce yaro ya samu 12 cikin 40 a Lissafi, da 41 cikin 60 a jarrabawa, jimla 53. Wanda ya kalli 53 kawai zai ce yaron ba ya ja. Amma wanda ya ci sama da kashi biyu cikin uku na jarrabawa ya fahimci darasi. Makin ya zube ne a tsakiyar zango, kuma sau da yawa dalilin shi ne an yi gwaji ba ya nan. Sai a gangara gurbin halarta. Inda ake kiran suna safe da rana, buɗe makaranta sau 120 na nufin kwana 60, don haka halarta sau 96 fashin kwana 12 ke nan. A garin noma, ba wuya a tarar kwanakin sun faɗa lokacin girbi. In akwai `Class average` a duba shi ma: 53 a ajin da matsakaicinsa 48 ne ba abin tada jijiyar wuya ba ne.

Yanzu saƙon ya samu abin faɗa:

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Mahaifin ɗalibinka ne na aji biyar. Na ga a Lissafi ya samu 12 a gwaji, 41 a jarrabawa, kuma ya yi fashin kwana 12. Gwaji ya rasa, ko aikin gida ne ba ya kawowa? Me za mu riƙa yi masa a gida? Allah Ya saka da alheri."

Tambaya irin wannan malami zai buɗe rajista ya amsa ta. A sa cikakken sunan yaron da ajinsa, domin Malam na iya riƙe da Musa uku. In rubutu na ba da wuya, saƙon murya da Hausa ya wadatar, a dai karanto lambobin yadda suke a takardar.